Idan umarni biyu sun haɗu a kan Ctrl+B, baƙon ne ya kamata ya matsa

Yawancin matasan da ke koyon rubuta kod a Karaye da Rogo ba su fara da kwamfutar kansu ba. Wani a shagon buga takardu ya fara, bayan mai shagon ya tashi cin abinci. Wani da laftof ɗin yayansa da aka sayo na hannu a Kano, wani kuma da wayarsa da ya jona wa kibod ta igiyar OTG. Wannan yana da nasaba da abin da zan yi magana a kai, domin wanda yake yawo daga wannan na'ura zuwa waccan bai kamata ya riƙa sauya gajerun hanyoyin kibod yadda mai kwamfuta ɗaya tilo a ofis yake yi ba. Ra'ayina shi ne, duk lokacin da umarni biyu suka yi karo a kan maɓallai iri ɗaya a cikin edita, ka bar na asali a inda yake, ka matsar da wanda ya shigo daga baya. Kuma idan za ka matsar da shi, kada ka kai shi Ctrl+Alt, muddin kana rubutu da Hausa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A VS Code, danna Ctrl+B yana rufe sashen gefe, wato wurin da jerin fayilolinka suke, ko ya buɗe shi. A kan laftof mai inci 13 ko 14 wannan abu ne da mutum yake yi sau da dama a awa guda, saboda allon ba shi da faɗi. To sai ka rubuta wata ƙaramar manhaja, a ce ta lissafin bashin taki ga wani mai shago a kasuwar Rogo, kana so ka haɗa mata bayanin yadda ake amfani da ita a fayil ɗin `README.md`. Ka ji ana yaba wani ekstenshan mai suna Markdown All in One, ka ɗora shi. Daga ranar, idan kana cikin `README.md` ka danna Ctrl+B, sashen gefe ba zai motsa ba. Sai dai ka ga taurari `**` sun fito a rubutunka, saboda ekstenshan ɗin ya ɗaura umarninsa na kaurara rubutu a kan maɓallan nan. Ka koma fayil ɗin Python ka danna, sai ka ga komai lafiya.

Nan ne mutane suke cewa VS Code ya rikice, wasu har su goge shi su sake saukewa, a ƙone data a banza. Babu abin da ya lalace. Editan yana bin wani tsari ne da bai taɓa saɓawa ba, kuma idan ka san tsarin, za ka iya faɗin wanda zai yi nasara tun kafin ka danna.

Kowace gajeriyar hanya a VS Code ƙa'ida ce mai sassa uku: `key`, wato maɓallan da za a danna, `command`, wato sunan umarnin da za a aiwatar, sai `when`, sharaɗin da ya ce a wane yanayi ƙa'idar take aiki. An jera ƙa'idojin nan a layi ɗaya mai tsawo. Na asalin editan suna sama, na ekstenshan suna ƙasa da su, naka da ka rubuta a `keybindings.json` su ne a can ƙasa. Idan ka danna maɓalli, editan yana karanta layin daga ƙasa zuwa sama, ƙa'idar farko da maɓallanta suka dace kuma sharaɗinta ya cika ita ce ke aiki, sauran ko kallonsu ba a yi. Shi ya sa ekstenshan yake rinjayar asali, kai kuma kake rinjayar kowa.

A misalinmu, ƙa'idar Markdown All in One tana da sharaɗi: sai tsinken rubutu yana cikin edita, fayil ɗin ba na karatu kawai ba ne, kuma harshensa Markdown ne. A `README.md` duk sun cika, sai ta ci. A fayil ɗin Python sharaɗi na uku bai cika ba, sai a tsallake ta a hau sama a tarar da ta sashen gefe. Har a cikin `README.md` ɗin ma, idan ka fara danna wani fayil a jerin gefe yadda tsinken ya bar wurin rubutu, Ctrl+B zai koma aikinsa na da. Wannan shi ne abin da yake sa matsalar ta yi kama da mai zuwa ta tafi.

Kafin ka sauya komai, ka tabbatar da waɗanda ke rigimar. Danna Ctrl+K sannan Ctrl+S, shafin Keyboard Shortcuts zai buɗe. A gefen akwatin bincike akwai ɗan hoton kibod mai suna Record Keys. Ka taɓa shi ka danna Ctrl+B, zai jero maka duk umarnin da ke kan maɓallan, da sharaɗin kowanne a ƙarƙashin When, da inda ya fito a ƙarƙashin Source. Haka kuma idan ka danna wani layi da ɓangaren dama na linzami, akwai Show Same Keybindings da ke yin aiki iri ɗaya. Kada yawan layukan ya tsorata ka. Maɓalli kamar Escape ko Enter yana da ƙa'idoji da yawa ƙwarai, kuma suna zaune lafiya saboda sharuɗansu ba sa cika a lokaci guda. Karo na gaske shi ne inda sharuɗa biyu za su iya cika tare, kamar namu, inda ta sashen gefe take aiki ko'ina, ta kaurara rubutu kuma take danne ta a fayil ɗin Markdown.

Ga gyaran da nake ba da shawara. Danna Ctrl+Shift+P, ka nemi `Preferences: Open Keyboard Shortcuts (JSON)`, ka rubuta wannan:

```json
[
  // Ctrl+B ya koma hannun sashen gefe
  { "key": "ctrl+b",
    "command": "-markdown.extension.editing.toggleBold" },
  // kaurara rubutu: Ctrl+K, saki, sannan B
  { "key": "ctrl+k b",
    "command": "markdown.extension.editing.toggleBold",
    "when": "editorTextFocus && !editorReadonly && editorLangId == markdown" }
]
```

Ƙa'ida ta farko tana da ɗan layi `-` a gaban sunan umarnin. Ma'anarsa a cire wannan umarni daga kan waɗannan maɓallan. Umarnin bai mutu ba, yana nan a ekstenshan ɗin, kawai an kwance shi daga Ctrl+B. Ta biyu ta ba shi sabon gida, kuma ta taho masa da sharaɗinsa. Wannan ɓangaren ne mutane suka fi mantawa da shi. Tunda ƙa'idarka ita ce a ƙasan kowa, idan ka rubuta ta babu `when`, ta mallake maɓallan a ko'ina ke nan, a kowane irin fayil, a akwatin bincike, a duk inda tsinken yake. Ka zo raba ƙaramin faɗa, ka tayar da babba.

Na zaɓi `ctrl+k b` ne saboda Ctrl+K a VS Code ƙofa ce. Idan ka danna shi, editan ba ya yin komai tukuna, yana jiran maɓalli na biyu, kuma zai rubuta maka hakan a ƙasan allo. Bayan wannan ƙofar akwai sarari da yawa. Amma ka lura, `ctrl+k b` daban yake da `ctrl+k ctrl+b`; na biyun yana da mai shi, umarnin Set Selection Anchor. Sai ka saki Ctrl kafin ka danna B. Kuma ko da na ce maka wurin babu kowa, ka duba da Record Keys a na'urarka, domin ekstenshan ɗin da ke kanta ba lallai su zama irin nawa ba. Abu ɗaya da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne ka ɗaura wani umarni a kan Ctrl+K shi kaɗai ba tare da sharaɗi ba. Ka toshe ƙofar ke nan, duk abin da ke bayanta ya tafi, har da Ctrl+K Ctrl+S ɗin da za ka bi ka gyara.

Wani zai ce, ai Ctrl+B kaurara rubutu ne tun asali, a Word haka yake, a Google Docs haka yake, me ya sa sashen gefe zai ƙwace shi? Wannan magana tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya shekara yana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki a shago, yatsunsa sun riga sun saba. Idan rubutun Markdown ne rabin aikinka, ka bar ekstenshan ɗin yadda ya zo, ka ƙara wa sashen gefe maɓalli na biyu, tunda umarni ɗaya yana iya samun maɓallai fiye da ɗaya. Ba ka cire komai ba, ƙari ka yi. Amma ga mai koyon kod da yake taɓa Markdown sau ɗaya a mako, lissafin ya bambanta. Gobe za ka zauna a kwamfutar abokinka a Karaye, jibi a ta wurin da kake koyon aiki, kuma a duk inda ka sami VS Code da ba a taɓa ba, Ctrl+B sashen gefe ne. Bidiyon koyarwa da kake saukewa da daddare lokacin da data take araha, shi ma da maɓallan asali malamin yake aiki. Duk maɓallin asali da ka sauya, ka raba yatsunka da sauran na'urorin duniya, sai taka kaɗai.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada a gudu Ctrl+Alt. Idan mutum yana neman wurin da babu kowa, can yake fara leƙawa, ya ce tunda Ctrl+B da mai shi, bari in sa Ctrl+Alt+B. A VS Code ma wannan ba fili ba ne, shi ne ke buɗe sashen gefe na biyu da ke hannun dama. Amma babbar matsalar ta wuce nan. Windows yana da tsarin kibod na Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, kuma a cikinsa haruffanmu masu ƙugiya suna kan Alt na hannun dama: shi da B ya ba ka ɓ, da D ya ba ka ɗ, da K ya ba ka ƙ, da Y ya ba ka ƴ, wanda aka fi rubutawa a Nijar, mu a nan mukan rubuta 'y. A laftof ɗin da suka fito daga Birtaniya za ka ga an rubuta Alt Gr a kan maɓallin, a na Amurka Alt kawai aka rubuta, amma aikin ɗaya ne da zarar ka zaɓi tsarin Hausa. Shi kuwa Windows, a wurinsa AltGr daidai yake da Ctrl da Alt a danne tare. Wato harafin ƙ da gajeriyar hanyar Ctrl+Alt+K ta ƙofa ɗaya suke shigowa, kuma ya rage ga kowace manhaja ta bambance su ko ta kasa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Tun 2004 Raymond Chen na kamfanin Microsoft ya yi rubutu yana gargaɗin masu manhaja kada su yi amfani da Ctrl+Alt a gajerun hanyoyi saboda wannan dalilin. A 2015 kuma Marcin Wichary ya ba da labarin yadda masu rubutu da harshen Poland suka kasa buga harafin ś a shafin Medium. Editan shafin yana tare Ctrl+S ne don kada burauza ta fito da akwatin adana shafi, shi kuwa ś ana buga shi da AltGr da S, wanda ya iso a matsayin Ctrl+Alt+S, sai aka tare shi tare da wancan. Harafi guda ya ɓace daga harshen mutane saboda ba a duba ko Alt yana danne ba. Gyaran ɗan ƙarami ne, amma sai da aka sami wanda ya san harshen a cikin kamfanin. Mu kuwa da wuya a ce akwai mai buga ɗ a cikin waɗanda suke rubuta ekstenshan ɗin da muke ɗorawa. Dubi Bookmarks, wanda mutane da yawa ke so: maɓallansa na sa alama a layi su ne Ctrl+Alt+K.

A yi wa VS Code adalci, ya yi tanadi a nan. A Windows yana da saiti mai suna `keyboard.mapAltGrToCtrlAlt`, kuma a kashe yake zuwa, wato editan yana ƙoƙarin ɗaukar Alt na dama a matsayin na haruffa. Ka bar shi a kashe. Za ka iya cin karo da wanda zai ce ka kunna shi don wasu gajerun hanyoyi su yi aiki da hannun dama. Mai wannan shawarar ba ya rubuta "ɓarawo" ko "ƙasa". Idan ka kunna, ka miƙa haruffanka ga duk umarnin da ke zaune a kan Ctrl+Alt. Kuma tanadin VS Code bai bi ka zuwa sauran manhajoji ba. A Word, Ctrl+Alt+D yana saka bayanin ƙarshen takarda. A editocin JetBrains da Android Studio, Ctrl+Alt+B yana da aikinsa. Don haka ni a wurina B, D, K da Y a kan Ctrl+Alt wuri ne da haruffa suka riga kowa, ba na ɗora komai a kai, wanda na tarar a kai kuma ina matsar da shi idan na ga yana hana harafi fita. Gwajin mai sauƙi ne, ka buɗe sabon fayil a editan ka buga ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ. Wanda bai fito ba, ko wanda ya sa wani abu ya motsa a allo, ka san wani ya tare shi.

Akwai kuma karon da `keybindings.json` ba zai iya raba shi ba, kuma sanin wannan zai hana ka ɓata yamma guda. Kafin dannawarka ta kai ga edita, sai ta bi ta hannun Windows da ƙananan manhajojin da ke aiki a bayan fage. A VS Code na Windows, Ctrl+Alt da kibiyar ƙasa yana ƙara tsinken rubutu a layi na gaba, don ka gyara layuka da yawa lokaci ɗaya. A tsofaffin laftof masu Intel HD Graphics, irin waɗanda suka cika hannun masu koyo a wajenmu, waɗannan maɓallan suna kifar da allon gaba ɗaya, sama ta koma ƙasa. Ctrl+Alt da kibiyar sama ne ke mayar da shi. Ko ƙa'ida nawa ka rubuta a edita ba za ta yi tasiri ba, domin editan bai ma ga dannawar ba. Sai ka shiga manhajar saitin Intel ɗin ka kashe Hot Keys.

Yadda za ka bambance iri biyun shi ne ka danna Ctrl+Shift+P ka zaɓi `Developer: Toggle Keyboard Shortcuts Troubleshooting`. Wani sashe zai buɗe a ƙasa yana rubuta duk abin da ka danna. Ka danna maɓallan da ke ba ka matsala ka karanta. Idan ka ga layi mai ɗauke da `matched`, sunan da ke biye da shi shi ne umarnin da ya ci, `when` zai nuna sharaɗin da ya ba shi nasara, `source` kuma zai faɗa maka ko na asali ne, ko na ekstenshan, ko naka. Wannan rigimar cikin gida ce, `keybindings.json` zai warware ta. Idan kuwa ka ga an rubuta Ctrl da Alt amma maɓalli na ukun bai bayyana ba, an tare shi a waje, can za ka nema. Idan ka gama ka sake zaɓar umarnin don ya daina rubutawa.

Masu aiki da waya ko ta burauza su riƙe wannan sosai. Idan ka buɗe vscode.dev a Chrome, burauzar ce gaba da editan. Ctrl+W, Ctrl+T da Ctrl+N nata ne. Ka danna Ctrl+W da nufin rufe fayil, shafin gaba ɗaya za ta nemi rufewa. Kada ka ɗora komai naka a kan waɗannan ukun idan ta burauza kake aiki.

Saura batun kwamfutar da ba taka ba. Gyaran da ka yi a `keybindings.json` ya shafi duk wanda ya zauna a wannan asusun bayanka, kuma mai shagon da ya ba ka aron kujera bai san ka taɓa komai ba. Tun farkon 2023 VS Code yana da Profiles, inda za ka buɗe naka da sunanka, da maɓallanka da ekstenshan ɗinka, ka koma Default idan za ka tashi. Idan kuma kana so ka tafi da gyaranka, na Default yana zaune a `%APPDATA%\Code\User\keybindings.json`, fayil ne ɗan ƙarami da za ka iya kwafa a filash ko ka tura wa kanka ta WhatsApp. Fayil ɗin yana karɓar layin bayani mai farawa da `//` kamar yadda ka gani a sama, ka rubuta dalilin kowace ƙa'ida da Hausa a samanta, domin bayan wata shida sunan umarni kamar `markdown.extension.editing.toggleBold` ba zai tuna maka wanda ya kora daga Ctrl+B ba. Nawa bai kai ƙa'ida goma ba, kuma fiye da rabinsu masu ɗan layin `-` ne.